Yadda za ka zaɓi ekstenshan da fis daidai da kayan wutar ɗakinka

Tunda sanyi ya fara shigowa tambayoyin da ake aiko mini kusan duk iri ɗaya ne. Wani ya ce ekstenshan ɗinsa ya narke alhali bai fi wata biyu da saye ba, wata ta ce duk lokacin da ta jona butar lantarki sai ta ji ƙaurin roba, wani kuma yana so ya san ko zai iya ɗaure fis da waya tunda ya dame shi da ƙonewa. Amsar dukansu tana komawa wuri guda. Kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma aikin fis shi ne ya yanke wuta kafin a wuce wannan iyaka. Idan ka san nauyin kayanka, ka san kaurin wayarka, zaɓen fis ba ya ba da wahala.

Zan ɗauki ɗaki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe: ɗaki mai soket ɗaya tak a bango, da talabijin, dikoda, fanka, ƙaramin firji da cajar waya biyu, ga kuma butar lantarki da dutsen guga da ake jonawa lokaci lokaci. Abin da za ka tanada bai da yawa: biro da takarda, sukundireba ƙarami, tasta, filaya, da fis sababbi na amfiya 3, 5 da 13.

1. Karanta lambar da ke jikin kowane kaya

Ka juya kowane kaya ka duba bayansa ko gindinsa. Akwai 'yar takarda ko rubutu da aka buga a jikin roba, inda za ka ga lamba da harafin W a gabanta. Wannan shi ne wat, wato yawan wutar da kayan ke ci. A jikin wasu kayan, musamman caja da firji, harafin A za ka gani, wato amfiya. Ka rubuta kowanne a takarda.

A ɗakin da muka ɗauka, talabijin na cin wat 90, dikoda 20, fanka 60, firji 150, caja biyu kuma 30 a haɗe. Butar lantarki 2000 ce, dutsen guga 1200.

Ka lura da tazarar. Kaya shida na farko gaba ɗayansu wat 350 suke ci, buta ita kaɗai ta ninka su kusan sau shida. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, kamar hita ta dafa ruwa, risho na lantarki, tukunyar dafa shinkafa, dutsen guga da na'urar busar da gashi, shi ne mai nauyi ko da ƙarami ne a ido. Mutane da yawa suna tsoron firji don girmansa, suna raina hitar da ake tsomawa a bokiti, alhali hitar nan tana cin wat 1000 zuwa 1500.

Gargaɗi: kada ka auna nauyi da yawan ramukan ekstenshan. Mai rami shida da mai rami uku duk ta waya ɗaya da filogi ɗaya wuta ke shigar musu.

2. Mayar da wat zuwa amfiya

Fis da waya da amfiya ake auna su, don haka sai an yi ɗan lissafi. Wutar gida a Najeriya da Gana bolt 230 ce a ƙa'ida. Ka raba wat da 230:

```
A = W ÷ 230
```

Ƙananan kayan nan shida: 350 ÷ 230 ya ba da amfiya 1.5. Idan aka ƙara buta, wat ya zama 2350, wato amfiya 10.2. Idan a lokacin wani yana guga, an kai wat 3550, wato amfiya 15.4.

Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da muke amfani da shi, da soket ɗinsa na bango, iyakarsu amfiya 13 ce, kimanin wat 3000. Ke nan da buta da dutsen guga a kan ekstenshan guda an riga an wuce iyaka, komai tsadar ekstenshan ɗin. Ni a nawa aikin ba na bari a kai 13 ɗin ma idan abu ne da zai daɗe yana aiki. Amfiya 10 nake ɗauka a matsayin gejin ekstenshan mai kyau, domin filogi da ya tsufa ko soket da ya saki yakan fara ɗumi tun kafin a kai iyakar da aka rubuta.

Gargaɗi ga masu sitabilaiza: idan wuta ta yi ƙasa, sitabilaiza tana ƙara jan amfiya daga bango don ta cike giɓin. Kaya masu wat 2000 a kan wutar da ta sauka zuwa bolt 150 za su ja fiye da amfiya 13. Shi ya sa a unguwannin da ke fama da ƙarancin ƙarfin wuta za ka ga filogin sitabilaiza ne ke fara baƙi. Babbar sitabilaiza bango ake kai ta kai tsaye, ba a ɗora ta a kan ekstenshan.

3. Raba kayan gida biyu kafin ka tafi kasuwa

Ƙananan kaya, wato talabijin, dikoda, fanka, caja da kwamfuta, su ne na ekstenshan. Masu zafi kuwa soket na bango, ɗaya bayan ɗaya. A ɗakinmu mai soket guda, mafita ta ɗan lokaci ita ce a zare ekstenshan a jona buta, in ruwa ya tafasa a mayar. Mafita mai ɗorewa ita ce a kira mai gyaran wuta ya ƙara soket na biyu da waya mai kauri 2.5mm². Firji ma ya fi son nasa soket, domin yana aiki dare da rana har lokacin da kowa ke barci, kuma duk sanda injinsa zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci a kullum.

Na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki ba sa cikin wannan lissafi sam. Kowacce layinta ake ja mata daga akwatin bireka, da nata makunni.

4. Duba wayar ekstenshan, nan ne ake cutar mutane

A shago idon mai saye kan tafi wajen fitilu da makunnai da 'yar agogon da ke nuna ƙarfin wuta. Duk waɗannan ado ne. Kuɗin ekstenshan na gaske yana cikin jan ƙarfen da ke cikin wayarsa, kuma a nan ne masu haɗa na arha suke rage kaya.

Ka bi jikin wayar da ido, za ka ga rubutu irin 3G1.5mm² ko 3×1.25mm². Lambar farko tana nufin wayoyi uku ne a ciki, ta biyun kuma kaurin kowacce. Ga abin da kowane kauri ke ɗauka idan jan ƙarfe ne na gaske:

0.5 na ɗaukar amfiya 3
0.75 na ɗaukar amfiya 6
1.0 na ɗaukar amfiya 10
1.25 na ɗaukar amfiya 13
1.5 na ɗaukar amfiya 15 zuwa 16

Idan kana son ekstenshan da za a iya dogara da shi, kada ka sauka ƙasa da 1.25, in da hali ka ɗauki 1.5. Wanda babu rubutu ko kaɗan a jikin wayarsa, ka ajiye shi.

Mu koma ɗakinmu mu ga abin da siririyar waya ke jawowa. A ce ekstenshan ɗin mai waya 0.75 ne, tsawonsa mita biyar. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, ya fi ta gudu: idan amfiya ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Da buta kaɗai a kan sauran kayan, amfiya 10.2 na bi ta wayar da aka yi don 6, zafin ya kusa ninka abin da aka tsara mata sau uku. Da aka ƙara dutsen guga aka kai 15.4, zafin ya haura ninki shida. A wannan hali wayar nan mai mita biyar tana fitar da zafin da ya kai na tsohon ƙwan fitila mai wat 60, irin wanda ba a iya riƙewa da hannu in ya daɗe a kunne. Idan wayar a miƙe take a fili, iska za ta ɗan rage mata. Idan kuma an naɗe ta a bayan kujera ko an tura ta ƙarƙashin kafet don kada yara su yi tuntuɓe, zafin ba shi da hanyar fita, robar sai ta yi laushi, wayoyin ciki su haɗu.

Rubutun jiki ma yakan yi ƙarya. Akwai wayar da robarta ke da kauri amma zaren ƙarfen ciki bai taka kara ya karya ba, akwai kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata ruwan jan ƙarfe a sama. Idan mai shago ya yarda, ka kwance filogin ka kankare zare ɗaya da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne har cikinsa, na jabu kuwa fari zai fito. Wayar jabu kuma ba ta da nauyi a hannu, zarenta na karyewa da an lanƙwasa shi sau biyu ko uku. Alminiyam ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, don haka mai kauri 1.5 na jabu bai fi 1.0 na gaske ba, kuma a wajen sukurori yakan saki ya riƙa tartsatsi.

Game da kuɗi, farashi na tafiya da farashin jan ƙarfe. Idan ka ga ekstenshan mai mita biyar da kuɗinsa bai kai na wayar mita biyar zalla mai kauri 1.5 a shagon masu kayan wayarin ba, ka san ba jan ƙarfe ne a ciki ba. Wannan kwatancen ya fi kowace alama saurin tona asiri. Sau da yawa ma abin da ya fi shi ne ka sayi waya mai kyau da mita, da filogi mai fis, da soket na bango mai baki biyu da akwatinsa, mai gyaran wuta ya haɗa maka. Zai fi na roba tsada a ranar, amma zai yi shekaru. A kan wayar da aka yi a Najeriya ka nemi alamar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, a kan filogi kuma rubutun BS 1363.

Gargaɗi kan mai naɗi a gwangwani: irin dogon ekstenshan da ake murzawa a kan faifai yana da lamba biyu a jikinsa, ɗaya idan yana naɗe, ɗaya idan an warware. Ta naɗe takan zama kusan kashi ɗaya cikin uku na ta warware. Duk lokacin da za ka ɗora masa abu mai nauyi ka warware shi gaba ɗaya, ko da mita biyu kawai kake bukata.

5. Gwada ramukan da filogi

Ka tafi kasuwa da filogi mai ƙafa uku a aljihu. Ka soka shi a kowane rami. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙarfi, ya zauna daram, in ka girgiza kada ya yi rawa. Ekstenshan mai ramin da ke karɓar kowane irin filogi yana da sauƙin amfani, amma ƙarafan cikinsa ba sa kama kowace ƙafa da kyau, kuma filogi mai ƙafa biyu zagayayyu yana buɗa su da yawan sakawa da cirewa. Inda ƙarfe bai kama ƙarfe sosai ba, nan zafi ke taruwa ko da kayan ba su da nauyi. Baƙin tabon da kake gani a bakin rami guda, sauran kuma lafiya, yawanci daga nan yake.

Ka tabbatar wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa, ta kai har cikin ramukan. Wasu na arha ƙafa uku ne a filogi amma waya biyu ce a ciki. Firji ko dutsen guga a kan irin wannan ba su da kariya idan wuta ta taɓa jikin ƙarfensu.

Kaya mai ƙafa biyu zagayayyu, a canza masa filogi ko a saya masa adafta mai fis. A daina tura tsinke a ramin sama don a buɗe na ƙasa, a kuma daina soka waya tsirara a danne da ashana.

6. Zaɓen fis

Fis ɗin da ke cikin filogi wayar kayan yake karewa. Idan aka gane wannan, an gane dalilin da ya sa ba kowane filogi ne ya dace da mai 13 ba, duk da cewa yawancin filogin kasuwa da shi suke zuwa.

Kayan da ba su kai wat 700 ba, kamar fitilar tebur, rediyo, fanka, dikoda da yawancin talabijin, fis mai amfiya 3 ake sa musu, rubutunsa ja ne. Waɗanda suka haura 700, kamar buta, dutsen guga da risho, mai amfiya 13, rubutunsa ruwan ƙasa. Mai amfiya 5, wanda rubutunsa baƙi ne, yana da amfani ga kayan da ke fizgar wuta lokacin kunnawa, irin kwamfutar tebur, inda mai 3 kan ƙone ba tare da wata matsala ba. Firji kuwa ka bi abin da kamfani ya rubuta a jikin filoginsa. Da yawa da 13 suke zuwa saboda tashin injin, duk da ƙarancin wat ɗinsu.

A ɗakinmu ke nan: fanka da dikoda 3, talabijin 3 ko abin da ya zo da shi, buta da dutsen guga 13.

Shi kansa filogin ekstenshan, fis ɗinsa kada ya wuce ƙarfin wayarsa. Mai waya 1.25 ko 1.5 ya ɗauki 13. Mai waya 1.0, fis mai 10. Idan kana da mai 0.75 a gida kuma ba ka da halin canza shi yanzu, ka cire mai 13 ka sa mai 5, ka bar shi ga talabijin da caja. Ranar da wani ya manta ya jona buta, fis zai ƙone kafin wayar ta narke.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ya sa suke cewa "ai da ya yi yawa da fis ya yanke". Fis mai 13 ba ya yankewa da an kai 14. An ƙera shi ne ya jure har kusan amfiya 20 na tsawon rabin sa'a. Amfiya 15.4 da muka lissafa za ta iya wucewa ta cikinsa tsawon lokaci bai ƙone ba, filogi na zafi, waya na laushi. Fis yana da sauri ne idan wayoyi sun haɗu, amma a kan lodin da ya ɗan wuce kima yana da jinkiri. Don haka lissafin mataki na biyu ba abin da ke maye gurbinsa.

Gargaɗi: kada a ɗaure fis da zaren waya, ko takardar sigari mai ƙyalli, ko ƙusa. Wanda ya yi haka ya bar siririyar wayar kayan a hannun birekar gida, wadda kan kasance mai amfiya 20 ko 32, kuma kafin ita ta faɗi wayar fanka ta kama da wuta. Fis yana cikin mafi arhar kayan wuta. Ka sayi da dama ka ajiye. Na gaske jikinsa na tangaran ne, tsawonsa inci guda, an rubuta BS 1362, kuma cike yake da yashi mai laushi da ke kashe tartsatsi idan ya yanke. Ka fasa wanda ya mutu ka gani. In ka tarar fanko ne, kada ka ƙara sayen irinsa.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Chadi, inda filogi mai ƙafa zagayayyu ya fi yawa, ku sani babu fis a cikinsa ko kaɗan. Birekar gida ce kaɗai ke tsaro, don haka ku nemi ekstenshan mai waya 1.5 da aka rubuta wa 16A, domin mai 10A a bayan bireka mai 16 ko 20 ba shi da mai kare shi.

7. Sa fis da ɗaure filogi

Ka zare filogin daga bango tukuna. Kashe makunni bai isa ba, domin a gidaje da yawa an juya wayoyin soket. Ka kwance murfin, ka ɗaga tsohon fis da bakin sukundireba. Idan ƙarafan da ke riƙe shi sun buɗe, ka ɗan matse su da filaya. Idan sun yi baƙi ko robar gefensu ta narke, filogin gaba ɗaya za a canza.

Idan babbar ƙafar tana sama kana kallon cikin filogin, waya mai ruwan ƙasa, wadda a tsohon tsari ja ce, tana zuwa dama wajen fis. Shuɗiya, wadda a da baƙa ce, tana hagu. Mai kore da ɗorawa tana sama, kuma ita ake bari ta fi tsawo, don in aka fizgi waya ta zama ta ƙarshen kuɓucewa. Ka murɗe zaren, kada ko ɗaya ya leƙo waje, ka ɗaure sukurori tam, sannan maƙallin ƙasa ya danne babbar robar waje, ba ƙananan wayoyin ciki ba.

Idan sabon fis daidai lamba ya sake ƙonewa nan take, kayan ne ke da matsala ko wayarsu. A kai gyara, kada a ƙara lamba.

8. Gwaji da hannu da hanci

Ka jona kayan kamar yadda za a riƙa amfani da su, ka bar su minti ashirin zuwa talatin. Ka taɓa bayan filogi, da wayar kusa da shi, da jikin ekstenshan. Ɗan ɗumi a filogin buta ba komai ba ne. Zafin da ba za ka iya barin hannunka a kai ba, ko wayar da ta yi laushi, alama ce ta a kashe nan take. Sauran alamun su ne wari mai kama da na kifi ko ƙonanniyar roba, ƙarar tsatsat idan an taɓa filogi, da tabo mai ruwan ƙasa a gefen ƙafar da ke da fis.

Idan soket ɗin bango ne da kansa ke zafi ko da an canza filogi, matsalar ta shige cikin bango. Ko sukurorin bayansa sun saki, ko kuma an ja soket ɗin da waya 1.5 ta fitilu maimakon 2.5, abin da ake yawan samu a ɗakunan da aka ƙara daga baya. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, shi zai duba kaurin wayar da lambar birekar da ke kanta.

Kada a jona ekstenshan a kan ekstenshan, domin na farkon ne ke ɗauke da nauyin duka, kuma kowane mahaɗi wurin zafi ne. In tsawon bai isa ba, a sayi guda ɗaya dogo mai waya 1.5. Mai kariya daga tashin wuta, wanda ake sayarwa da tsada don talabijin, ba ya hana lodi ya yi yawa, sai dai in yana da ɗan maɓallin bireka a gefensa.

Sai batun ɗaukewar wuta. Ana cikin guga ko dafa ruwa a ɗauke wuta, a tashi a bar komai a jone, ta dawo cikin dare ko bayan an kulle ɗaki an fita. Hita a bokitin roba da ruwansa ya ƙafe, ko dutsen guga a kife a kan zani, ba fis ɗin da zai yanke musu, domin amfiyarsu daidai take. Da an ɗauke wuta, a fara zare masu zafi kafin a nemi tocila. Idan kuma ekstenshan ya kama da wuta, a kashe babban makunnin gida ko janareto tukuna, kada a watsa ruwa wuta na jiki. Busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari ake amfani da su.